Zuwa ga Dandalin da Bai Zo Mini Gaisuwa Ba

Assalamu alaikum. Ban taɓa shiga gidan mutane ba sallama ba, ko da gidan ba shi da ƙofa irin naka. Zan riƙa ce maka "kai", kada ka ji haushi. Ɗana ya girme ka, yana firamare aka haife ka.

Ya rasu da hantsin wata Talata, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Mun yi zaman makoki, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Matarsa ta yi takaba wata huɗu da kwana goma ta fita. An raba gado har babur ɗinsa, mai kantin bakin layi ya yafe ɗan bashin da yake bin sa. Kowa ya sallame shi, sai kai.

Ranar 1 ga Janairu ƙanwarsa ta shigo ɗakina da waya a hannu, idonta ya yi ja. Ashe shela ka yi wa jama'a cewa yau ranar haihuwarsa ce, su zo su taya shi murna. To ni na haife shi, da damina ne, gero ya fara fitar da kai. Wannan ranar shi ya ƙirƙira maka ita don ka bar shi ya shiga. Mutane kuwa suka yi ta rubuta "Allah ya ƙaro shekaru masu albarka". Wani ya ce ina nasa kek. Wani abokinsa na bautar ƙasa har da mita, wai tun da ya yi aure ya daina amsa saƙo. Na yi dariya, sannan na rufe ƙofa.

Ƙanwar tasa ta karanta mini ƙa'idojinka, na kuma fahimci hanya biyu ka buɗe wa mai mutuwa. Ta farko a mayar da shafinsa wurin tunawa: ka rufe shi kada kowa ya sake shiga da sunansa, ka daina shelar ranar haihuwa, amma hotuna da rubuce-rubuce su zauna yadda suke. Ban raina wannan ba, akwai iyayen da ita ce ke sanyaya musu zuciya. Ni ta biyun nake so, a goge komai. A shafin nan akwai bidiyonsa yana rawa a bikin aboki, akwai musun siyasa da na ƙwallo inda baki ya suɓuce masa, akwai hotunansa da 'yan matan jami'a waɗanda yanzu duk matan aure ne. Yaro ne, ya yi ƙuruciyarsa. Da yana raye da kansa zai ji kunya wata rana ya share. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke hukuncin abin da ake rubuta wa mamaci da wanda ba a rubuta masa ba. Abin da na sani, a wurinmu mamaci sutura ake yi masa. Mun yi masa tamu da farin ƙyalle, taka ta rage.

Akwai kuma abin da ke hana ni barci. Lambar wayar da ya buɗe shafin da ita ta daɗe ba a amfani da ita, an sake sayar da layin. Da muka kira, wata mata ce ta ɗauka, mai fara'a, tana sayar da atamfa. Ba na zarginta da komai. Amma an ce mini duk mai riƙe da layin zai iya cewa ya manta kalmar sirri, kai kuma ka aika masa da lambar shiga ba tare da ka tambayi ko shi wane ne ba. In layin ya faɗa hannun mugu, gobe sai a ji ɗana yana roƙon abokansa kuɗi daga kabari.

Sai muka cike fom ɗinka. Abu uku ka nema: adireshin shafin, shaidar ya mutu, da shaidar cewa ina da hurumin magana a kansa.

Shaidar mutuwa ta ci mana mako uku. Mu da muke binne gawa kafin rana ta faɗi, wa ke tuna takarda? Shaidarmu liman ne da sahun mutanen da suka sallace shi. Kawunsa ne ya koma asibiti ya karɓo takardar likita, ya kai ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke sakatariyar ƙaramar hukuma, aka ba shi takardar shaidar mutuwa mai hatimi. Muka ɗauki hotonta da dare, ka ce ba ta karantuwa. Wannan kam gaskiyarka ce. Muka shimfiɗa ta a kan tabarma da safe, kusurwa huɗu duk suna fitowa, muka sake aikawa.

Sai ka ce sunan da ke takardar bai yi daidai da na shafin ba. Ina zai yi daidai? Takarda tana ɗauke da sunan da aka raɗa masa ranar suna, da rago da goro. A wurinka kuwa ya ari sunan wani ɗan ƙwallon Turai ya liƙa masa "Sarkin Gayu" a gaba. Da yana raye ba ka taɓa tambayarsa ba, sai da ya mutu ka zama mai bin diddigi. Kawun ya sake ɗaukar hula ya je kotu, ya yi takardar rantsuwa cewa Sarkin Gayu da mamacin mutum ɗaya ne. Ya ce magatakardan sai da ya cire tabarau ya sake karantawa.

Na ukun shi ne ya sa na zauna rubuta maka wasiƙar nan. Ka ce in kawo shaidar ni ce uwarsa, kuma in rubuta cikakken sunansa a wani ɗan akwati. Ɗan fari ne. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kama sunansa da bakina ba. "Yaron nan" nake cewa, in ta matsa in ce "kai". Kakarsa ce ta goye shi, ni in baƙi sun zo sai in kau da kai kamar ban san shi ba. Duk hotunan da ka tara, ɗaruruwa, babu ko ɗaya da muke tsaye tare. Duk Bahaushen da ya ga haka zai ce lallai wannan ce uwar. Kai kuma ka ce babu shaida. Na tono takardar haihuwarsa daga ƙasan akwati, sunana yana jiki. Akwatin sunan kuwa ƙanwarsa ta miƙa hannu za ta cike mini, na ce ta bari. Na rubuta da yatsana, harafi bayan harafi, ban furta ba.

Na taɓa ji a rediyo cewa a 2018 babbar kotun tarayyar Jamus ta ba wasu iyaye gaskiya a shari'ar shafin 'yarsu mai shekara 15 da ta rasu a Berlin, ta ce shafi gado ne kamar wasiƙu da littafin sirri. Su so suke a buɗe musu su karanta. Ni ba na son karanta komai. Abin da ya ɓoye mini yana raye, ba zan leƙa ba don ya mutu.

Na san iyakar abin da nake roƙo. In ka goge, ba ya dawowa, shi ya sa muka fitar da hotuna uku aka wanke mana su saboda 'yarsa in ta girma. Na san hotunan da abokansa suka ɗora a nasu shafukan za su zauna, haka ma saƙonnin da ya aika wa mutane. Wannan ba aikinka ba ne, kawunsa zai bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma su sun san nauyin dattijo.

Ga takardar shaidar mutuwa, ga ta haihuwa, ga ta rantsuwa, duk an ɗauke su da hasken rana. Don Allah ka goge kafin wata Janairun ta zagayo.

Wassalam,
Uwar yaron nan.