Wasiƙar Ɗan Haya: Gaisuwa Shafi Biyu, Yoyo Layi Ɗaya

A makon nan hadari ya haɗo ta gabas, iska ta kaɗa ledoji a titin Gaskiya, aka yi yayyafin da bai ko kwantar da ƙura ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa wani malamin firamare da ke haya a Tudun Jukun ya yago takarda daga littafin ɗansa, ya zauna rubuta wa mai gidansu wasiƙa a kan rufin ɗaki. Wasiƙar ta biyo ta hannun mai wannan shafi domin a duba masa ita, kuma tun daga lokacin ran mai shafin yake a ɓace.

Shafi biyu ce cur. Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, malam ya gai da Alhaji, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi kasuwa. Ya gai da Hajiya babba da Hajiya ƙarama, kowacce da layinta don kada a ce ya nuna bambanci. Ya gai da yara, na gida da na makarantar kwana. Ya yi jajen motar da ya ji an ce ta lalace a hanyar Kaduna, ya yi barka da gyaruwarta. Daga nan ya gangara kan ragon da ya gani ɗaure a ƙofar gidan Alhaji, ya yaba ƙibarsa, ya yi addu'ar Allah ya kai shi Sallah lafiya. Ragon nan ya samu layi uku. Ƙafarsa ta hagu da aka ga tana ɗingishi ta samu na huɗu, har da shawarar a nemi likitan dabbobi tun abin bai yi nisa ba. Da a ce ragon ya iya karatu, da shi ya kamata ya ba da amsa, domin dai ya fi kowa samun kulawa a takardar.

Sai can ƙasa, inda aka saba rubuta "ka huta lafiya", malam ya ce: "Ranka ya daɗe, in ba damuwa, akwai ɗan ɗigo a ɗakin, amma ba wani abu ba ne."

Ba wani abu ba ne! Ɗakin da a watan Agustan bara sai da tukwanen uwargida, da bahon wanki, da kwanon sha, da kular abinci ta kayan aurenta suka kwana a tsakar ɗaki suna tarar ruwa. Silin ɗin ya yi ciki kamar akuya mai shirin haihuwa. Zariya kuwa kan samu ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, kuma maƙwabta sun shaida cewa malam ya karɓi kasonsa har da na wasu.

Abin haushin shi ne malam ya san ciwon rufin nan sarai, ya ƙi rubutawa ne kawai. Gidan irin na yayi ne, mai ɓoyayyen kwano, wanda aka ɗaga bango ya kewaye rufin don a ce gini ya yi kyau. Ruwa duk yana taruwa a kwata guda ta bayan bangon kafin ya fita ta indararo. Ƙurar hunturu ta wata uku, da ganyen darbejiya, da ledar fiya wata, da ƙwallon yaran maƙwabta sun toshe bakin. In aka yi ruwa mai ƙarfi kwatar ta cika, sai ruwa ya koma baya ya bi ta ƙarƙashin kwano. Wannan aikin tsani ne da tsintsiya da ɗan siminti, ba ya cin wuni guda. Ciwo na biyu kuma ƙusa ce. Kafintan da ya yi rufin ya buga wasu a cikin kwarin kwano, inda ruwa ke gudu, maimakon a kan tudunsa, kuma zafin bazara da iska sun sassauta su. Inda silin ya yi tabo ba lallai nan ramin yake ba, domin ruwa kan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Mai son ganewa sai ya leƙa cikin silin da rana tsaka, duk inda haske ya tsiro, nan ne. A yau falle uku ko huɗu za a canja. In aka bari ruwa ya jiƙa katakon damina guda, gara ta biyo baya, to sai maganar bandir mai falle 20, da sabon rafta, da silin.

Da malam ya rubuta wannan, ya sa kwanan wata, ya ɗauki hoton tabon, ya faɗi ranar da yake so kafinta ya zo, ya riƙe kwafi, ya kuma nemi a amince masa a rubuce cewa in ya gyara da kuɗinsa za a cire a haya, da an ce wasiƙa ya rubuta. Shi kuwa tsoronsa kada Alhaji ya ga kamar rashin kunya ce, ya aiko da notis.

Su ma masu gidan an san karatunsu. Da rani aka yi magana, sai a ce, "Yanzu yana yoyon ne?" Da damina kuma, "Haba Malam, wa zai hau kwano cikin ruwan nan? A bari a ɗauke." Tsakanin amsoshin nan biyu babu ko mako guda a kalanda da ya dace da gyara. Wani ma shawara yake bayarwa kyauta, ya ce a matsar da gadon. An matsar da gadon malam har ya zagaye kusurwa huɗu ya dawo inda ya taso.

In kuma malam ya ce zai kai kuka zauren malamai, can ma sai ya shirya. Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda ake karanta Muhtasar ɗinsa a zaurukan birnin Zazzau, ya ambaci yoyon rufi da kansa a babin haya. Hukuncin da ya kawo shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara. Zaɓi ake ba ɗan haya idan abin yana cutar da shi, ko ya tashi, ko ya zauna, in kuwa ya zauna zai biya haya. Akwai Alhazan da ba su taɓa buɗe littafin ba amma sun haddace rabin farko. Rabin da ya ce ɗan haya na iya fita kuwa bai dame su ba, tun da ɗaliban Kongo na nan suna neman ɗaki, kuma mai neman ɗaki da rani famfo da mita yake dubawa, ba ya ɗaga kai sama.

Kafintoci ma a bar su kawai. Mutum ya hau rufi da takalmi mai nauyi, yana taka tsakiyar falle maimakon layin ƙusa inda katako yake, ya toshe rami biyu da kwalta, ya lotsa wuri biyar, ya sauko yana cewa, "An gama, ko ruwan ɗufana ne ba zai shiga ba." Sauran aikin sai a bar wa tsofaffin tayoyi da duwatsu, shi ya sa wanda ya hau bene a unguwar zai ɗauka rumfar falkanaiza ce aka mayar sama.

Amsar Alhaji ta iso shekaranjiya ta bakin ejan. Ya ji gaisuwa, ya gode, rago ya samu sauƙi. Maganar ɗigo kuma, tun da malam da kansa ya ce ba wani abu ba ne, za a duba bayan damina. Sannan a tuna wa malam cewa kayan gini sun yi tsada, saboda haka akwai ƙarin haya daga watan gobe.