Ma'ajin Dangi, Ɓarawon da Bai Ci Komai Ba

A gidanmu na Dawakin Tofa, in ana so a ga bayan mutum ba sai an je wurin boka ba. A bari sai an zauna shirin taron zumunci, wani dattijo ya gyara murya ya ce, "Wane ai shi ne ya yi boko, shi zai riƙe mana kuɗin." Bara ni aka yi wa wannan gatan, har na riƙa murmushi kamar an naɗa ni Sarkin Dawaki.

A ƙofar gidan Baffa babba muka zauna bayan la'asar. Magidanta ashirin da huɗu, aka yanka wa kowa naira 10,000, za a yi taron kwana uku bayan Babbar Sallah. Nan take wani ƙanena ya danna waya ya sanar da cewa muna da naira 240,000. Aka yi kabbara. To, ku riƙe wannan lambar, domin ita ce ta kashe ni. Tun daga ranar kowa ya ajiye a ransa cewa dubu ɗari biyu da arba'in na cikin aljihuna, alhali ko kuɗin biron da zan rubuta sunaye ni na biya.

Mutum goma sha huɗu suka biya cif, Allah ya saka musu. Huɗu suka ba da rabi, kowannensu da "cikon yana nan tafe", kuma har yau yana kan hanya, wataƙila ya maƙale a cunkoson manyan motocin Dawanau. Uku kuwa 'yan "rubuta ni" ne. Ɗan rubuta-ni mutum ne mai ƙarfin murya a taro, shi ne ma ya ce dubu goma ta yi kaɗan ga zuri'a irin tamu. In ka je karɓa sai ya tambaye ka lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, har da jaririn da ba a haifa ba, sannan ya ce, "Ai ni da kai ba ta ɓaci, rubuta ni kawai." Na rubuta shi. Mai shinkafa dai bai karɓi rubutu ba.

Akwai kuma Yayanmu na Abuja, wanda ya turo mini hoton shaidar tura kuɗi, kore shar. Na jira ƙararrawar waya har na fara jin ta a mafarki. Da na kira shi sai ya ce, "Ƙanena, matsalar natuwok ce, zai faɗo." Daga baya kuɗin ya koma asusunsa, amma hoton bai koma ba, ya riga ya zaga wayoyin dangi.

Sauran biyun su ne suka fi ba ni aiki, don da kaya suka biya. Ɗaya ya turo amalanken itace, ɗaya Baffa ƙarami, ya aiko da gero kwano huɗu. Ban ƙi ba, da geron aka dama kunu. Rigimar ita ce farashi. Kowa a nan ya san hatsi kuɗinsa biyu ne: na kaka, lokacin da kowane rumbu ya cika, da na tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya koma ɗakin ɓera. Baffa ya ɗebo geron da ya noma, amma ya yi masa kuɗi da farashin ranar da ya fi tsada a tarihin kasuwar Dawanau, har yana ganin akwai canjinsa a wurina. Laifina ne. Da tun a zaman farko aka ce mai kawo hatsi za a auna a gaban mutum biyu, a yi masa kuɗi da farashin kasuwa na wannan makon, da ban sha "kai yaro, ni za ka koya wa awo?" ba.

Idan aka tattara, abin da ya taɓa tafin hannuna naira 160,000 ne. Shinkafa 'yar gida ta ci 70,000, akuya 55,000, mai da kayan miya 20,000, hayar rumfa da kujeru 10,000. Saura 5,000. A nan ne ƙananan ɓeraye suke, waɗanda ba wanda yake lissafa su a taro. Da yawa ta waya suka turo, mai akuya kuwa ya ce shi a hannu yake so, mai POS ya yanki 2,000 kafin ya ƙirgo mini dubu ɗari. Kuɗin mota da na ɗan dako 1,700. Sai naira 1,300 da har gobe ban san inda ta shiga ba. Zargina yana kan yaran da aka riƙa aika sayen magi da ashana, domin a garin nan canjin aike ba ya dawowa gida. Amma babban kuskurena shi ne na bar kuɗin dangi ya kwana a asusu ɗaya da kuɗin cefanen gidana. Da sun haɗu, ko alƙali ba ya raba su.

An ci, an sha, an yi addu'a. Ana cikin sakace sai na ji murya daga bayan rumfa: "Wai dubu ɗari biyu da arba'in ɗin nan, akuya ɗaya ta saya?" Na waiga. Ɗan rubuta-ni ne, da ƙashi a hannu.

Abin da ke ba ni dariya, mu mutane ne masu kunyar tambayar lissafi a gaban mutum, marasa kunyar yin sa a bayan idonsa. Ka ce za ka karanta wanda ya biya da wanda bai biya ba, a ce za ka tona asirin 'yan'uwa. Ka yi shiru, a ce ka ci. Sabon takalmin da na saya tun kafin azumi ma sai da aka shigar da shi cikin bincike. Kuma duk muna jin malamai suna faɗa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, can cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Muna gyaɗa kai a wurin tafsiri, mu dawo gida mu ce rubutu tsakanin dangi rashin yarda ne.

Gwaggo ce ta fitar da ni. Ita ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta san wadda ta kawo mata turmin atamfa a bikin 'yarta ta fari, da wadda ta kawo kwanon shinkafa, da abin da za ta mayar wa kowace in nata ya tashi. Matan gidan nan sun daɗe da gane cewa gudummawar biki bashi ce mai sanye da mayafi. Ta ce, "Ɗan nan, kawo littafin. Ka karanta wanda ya shigo daban, wanda aka yi alkawari daban. Kuma ka fara da sunana." Ban kai suna na goma ba mai ƙashi ya tuna yana da baƙo a gida.

Bana an sake zama. Na ce in ana so in riƙe, to da sharaɗi: ni in riƙe kuɗi, wani ya riƙe littafi, alkawari ba ya shiga jimla sai ya zama kuɗi, hoton waya ba biya ba ne sai na ga shigarsa, sannan a karanta lissafi kafin a buɗe tukunya, lokacin da yunwa ta hana kowa tashi. Dattawa suka dubi juna, suka ce sharuɗɗan sun yi kyau ƙwarai, amma a bar yaro ya huta. Aka naɗa ɗan rubuta-ni ma'aji.

Ya zo karɓa shekaranjiya. Na tambaye shi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, na ce ya rubuta ni.