Ranar da Babur ɗin Yaya Ya Tafasa

Ni mutumin Boksa ne, kuma injin Boksa iska ce ke sanyaya shi. Waɗannan haƙarƙarin ƙarfe da ke jikin silinda su ke kwashe zafi su miƙa wa iska, baƙin mai ya ɗauke saura. Ranar ɗaurin auren wani abokina sai Yaya ya ara mini ƙaton babur ɗinsa mai lagireto, domin kada in kunyata dangi.

Watan Afrilu ne, bayan azahar, gosulo ya riƙe mu a hanyar Ƙofar Ruwa. Ina tsaye cikin babbar riga ina murza totur don a san na iso, sai lambar zafi ta haura 100, ta ci gaba da hawa, jar fitila ta kama. Na kashe inji na tura shi gefe. Kafin in kafe shi, injiniyoyin bakin titi sun kewaye ni.

Wani ya fasa fiya wata uku a kan injin, tururi ya tashi, jama'a suka ce an samu sauƙi. Wani dattijo ya tuɓe hularsa ya kama murfin lagireto da ita, yana cewa shekarunsa talatin yana tuƙin tifa. Ya ɗan murɗa kaɗan, abin ya yi huci kamar kububuwa, dattijo ya tsallake kwata ya bar mana hular da takalmi ƙafa ɗaya.

Ihun ne ya fito da wani bakanike daga rumfarsa. "Alhaji, wa ya taɓa murfin nan?" Na nuna masa takalmin.

Ya ce murfin ne ke danne ruwan da matsi, kusan bar 1.1, shi ya sa yake kaiwa wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da zarar an buɗe da zafi, matsin ya tafi, ruwan ya tafasa nan take ya yi tsartuwa a fuskar mai buɗewa. Watsa ruwan sanyi kuwa yana iya lanƙwasa kan silinda ko ya tsaga shi. Maganin dai a kashe inji a jira ya huce.

Muna jira ya tambaye ni: "Kana gudu yake zafi, ko kana tsaye?" Na ce a tsaye. Ya ce to fanka za a fara tuhuma, domin a kan gudu iska na ratsa lagireto da kanta, a gosulo kuwa fanka kaɗai ke wannan aiki, kuma ya kamata ta tashi tun zafi na wajen 100. Da a kan gudu yake zafi, sai a duba ƙarancin ruwa, toshewar lagireto, ko famfon da ke zagaya ruwan. Ya leƙa, ya zaro ledar fiya wata da ta naɗe fankar har fiyus ya ƙone.

Da injin ya huce ya buɗe murfin, sai ga ruwa ja kamar na kududdufi. Ashe yaron Yaya da ruwan burtsatse yake cikawa. Bakanike ya ce irin wannan ruwa yana barin farin dutse a siraran bututun lagireto, kuma ba ya hana tsatsa. A sa kulan mai launi wanda aka riga aka haɗa, ko a gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa, a canza duk bayan shekara biyu, a riƙa duba ƙaramar robar ajiya inji a sanyaye, ruwan ya tsaya tsakanin layukan biyu. Ya duba baƙin mai, ya ce in gode wa Allah bai koma fari-fari ba, da gasket ta tafi.

Na ce shi ya sa nake son Boksata, ba ta da wannan iyayi. Ya yi dariya. "Alhaji, taka ba ta da fitilar da za ta yi ƙara ne kawai. Tsaya da ita a gosulo tana aiki, ba iska ba fanka, sai ka ji ƙarfinta ya ragu tana ƙas-ƙas." Ya ce in kashe ta idan tsayuwa ta yi tsawo, in daina riƙe rabin kuloci, in wanke taɓon da ke cike haƙarƙarinta, in duba baƙin mai. Kuma kada in yarda a matse kafireto don tsimin fetur, domin ƙarancin fetur a cikin iska yana ƙara zafi, alamarsa bakin fulogi ya yi fari.

Na isa an shafa fatiha har an kwashe tabarmi. Mai fiya watan ne kaɗai ya biyo ni, wai ba a biya shi kuɗin wankan babur ba.