Yabon Kai Cikin Rigar Tawali'u

Daga cikin al'adun da suka yaɗu a wannan zamani tsakanin ma'abota sana'a da masu ilimin boko, akwai wata wadda ta cancanci a tsaya a dube ta da idon basira, wato da zarar mutum ya kammala wani aiki, ko ginin aji biyu ne ko haƙar rijiya, sai ya ga ya zama wajibi a kansa ya rubuta ɗan taƙaitaccen bayani ya watsa wa jama'a, domin a san darussan da ya koya. Asalin abin alheri ne, gama ilimin da aka binne a ciki ba ya amfanar kowa. Sai dai da yake kowa ya ji tun yana yaro cewa yabon kai jahilci ne, kuma zuciya ba ta haƙura da yabo, sai mutanenmu suka gano wata dabara ta yin alfahari da kalmomin tawali'u.

Mu ɗauki misalin wani injiniya, mu ce ya haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Bayaninsa yakan fara da cewa cikin matuƙar ƙanƙan da kai, shi da bai kai komai ba, yana sanar da duniya cewa Allah Ya nufe shi da kammala aikin da manyan masana suka gaza. Daga nan sai godiya ta biyo baya a jere, ga iyaye, da malaman firamare, da mai girma shugaban ma'aikata wanda hangen nesansa ya sa aka zaɓo wanda ya dace. A ƙarƙashi kuwa ga hotonsa da hular kwano fes, wadda ko ɗigon laka bai taɓa sauka a kanta ba, yana nuna tanki da ɗan yatsa, leburorin da suka kwana a wurin kuma an datse su daga gefe, sai gwiwar hannun ɗayansu kaɗai ta tsira. Darussan da ya zayyana su ne haƙuri, da juriya, da aiki tare, waɗanda da mai sayar da ƙosai ta karanta su da ta rantse nata ne aka sace.

Akwai ɗan'uwansa wanda ya ji an ce ambaton kuskure yana jawo amincewar mutane, saboda haka ya shiga lalube har ya samo wa kansa aibi, ya rubuta cewa babbar matsalarsa a wannan aiki ita ce tsananin son inganci, har ba ya iya barci. Akwai kuma na uku, wanda tsoron riya ya rufe masa baki, in an tambaye shi zurfin rijiyar sai ya ce duk yin Allah ne. Magana ce ta gaskiya babu shakka, amma mai son haƙa tasa rijiyar a ƙauyen gaba bai ƙaru da komai ba. Malamai tun zamanin Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, sun yi dogon bahasi a kan riya da ujubu, sun kuma bambanta su da bayyana ni'ima da yaɗa ilimi, kuma abin da ke raba su shi ne wanda aka nufa da amfanin maganar, mai faɗa ne ko mai saurare.

To, da injiniyan nan ya so jama'a su san gwanintarsa ba tare da ya buga wa kansa tambari ba, da sai ya ba da labarin rijiyar ya bar labarin kansa. A irin wannan ƙasa mai dutse a ƙarƙashi, ruwa yana zaune ne a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, kuma yawansa yana hawa da damina ya sauka da rani. Sai ya ce an haƙa mita 60, an rataye famfo a mita 30, an gwada ruwan a watan Satumba na tsawon awa 2 kacal, aka sami lita 1,500 a kowace awa, kowa ya tafa aka watse. Da watan Afrilu ya kama, ruwan ƙasa ya ja baya, sai bututu ya fara tari yana tofar da iska, tankin lita 5,000 ya daina cika, mata suka koma tsohuwar rijiyarsu da guga. Da aka sake gwaji na awa 24, sai ta bayyana cewa abin da rijiyar ke iya bayarwa ba tare da ta ƙafe ba bai wuce lita 700 a awa ba, wanda in aka lissafa da awa 6 na rana mai ƙarfi ya zama lita 4,200, wato jarka 168 mai cin lita 25. Aka sauke famfon zuwa mita 45, aka rage ƙarfin zuƙarsa, aka sa masa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya yi ƙasa, don kada ya yi ta juyawa a bushe ya ƙone.

Wannan bayani bai cika rabin shafi ba, ba a kuma ambaci haƙuri ko juriya a cikinsa ba, amma duk wanda ya karanta ya san marubucin ya tsaya a bakin ramin, ya kuma fita da hukunci guda da zai yi aiki da shi gobe: kada a amince da gwajin awa 2 da aka yi a ƙarshen damina, kuma kada a sayi famfo da tanki kafin a san abin da rijiya ke bayarwa da rani. Darasi ɗaya irin wannan ya fi bakwai na wa'azi. Adalci kuma ya hukunta a faɗi wanda ya fara lura da tarin bututun, ko da mai gadin tankin ne, a kuma nemi izinin masu aikin kafin a fitar da alƙalumansu, a bar sunan wanda ya yi gaggawar gwajin a rufe, domin tona asirin abokin aiki shi ma wata ƙofa ce ta ɗaga kai.

Wanda ya rubuta nasa bayanin yana so ya san ko ya tsira, ga ma'auni mai sauƙi. Ya shafe sunansa da hotonsa da jerin godiyarsa, ya dubi abin da ya rage. Idan abin da ya rage zai hana wani asarar kuɗin famfo, to ilimi ya rubuta, ya watsa shi babu kunya. Idan kuwa babu abin da ya rage sai farar takarda, to kirari ya yi wa kansa, kuma ya fi masa mutunci ya ɗauki maroƙi ya biya shi, gama shi wannan sana'arsa ce, ya kuma fi iya ta.