Ƙa'idojin Kauce wa Tsiya ga Mai Fassara Wasiƙa a Birnin Zazzau

Zariya ta daɗe da sanin aikin fassara, domin a nan Hukumar Fassara ta zauna tun farkon shekarun 1930, a nan kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, amma duk wannan tarihi bai taɓa ceton tafinta ɗaya ba daga fushin basaraken da aka kira da sunan yanka. Saboda haka wajibi ne ga wanda aka miƙa wa wasiƙar Turanci domin ya mayar da ita Hausa ya ajiye alƙalami tukuna, ya bincika wane ne babba tsakanin mai aikawa da mai karɓa, tun da Turanci yana iya ɓoye wannan magana, Hausa kuwa sai ta tona ta tun a layin farko.

A ɗauka wani manazarci daga Ingila ya rubuto wa mai riƙe da sarautar Iyan Zazzau layi biyar, yana neman izinin duba tsofaffin littattafan gidansu. Tarkon farko yana cikin wakilin suna, wato kalmar da ke tsayawa a madadin sunan mutum, domin Turanci da guda ɗaya yake fuskantar sarki da bara, mace da namiji, alhali Hausa tana tilasta zaɓi tsakanin kai da ke da ku. Tafintan da ya ga Iya ya ɗauka uwa ce, ya rubuta "ina roƙon ki", ya kamata ya fara neman gidan haya a bayan Ƙofar Doka, saboda Iyan Zazzau sarautar maza ce, kuma ta manyan 'ya'yan sarki. Ko "kai" ɗin ma, duk da ya dace da jinsi, tsirara yake idan ba a lulluɓe shi da "ranka ya daɗe" ba. Dabarar ƙwararru ita ce su yi magana da basarake kamar ba ya wurin, su rubuta "ana roƙon Iya, Allah ya ba shi nasara, ya yi izini", wanda ke nuna cewa mai roƙon bai isa ya haɗa ido da shi ba ko a kan takarda.

Kalmar da Bature ke buɗe wasiƙa da ita, wadda asalin ma'anarta abin ƙauna, tuni ta zama al'ada kawai a wurinsu, har mai bin bashi ma da ita yake farawa. Wanda ya fassara ta da "ya masoyina" ya ɗaura wa manazarcin alaƙar da bai nema ba. Gurbinta a Hausa shi ne tsarin da aka gada daga wasiƙun Larabci na sarakuna: a ambaci wanda takarda ta fito daga hannunsa, a ambaci wanda za ta je wa da cikakken laƙabinsa, a jero gaisuwa da fatan alheri, sannan a ce "bayan haka" kafin a taɓo buƙata, a rufe da "haza wasalam". Ta haka layi biyar kan zama goma sha biyu, kuma bai kamata tafinta ya ji kunyar wannan riba ba, musamman idan da shafi ake biyansa.

Laƙabi kuma ba a rabonsa da son rai. Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne, Mai Martaba na sarki ne irin Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli, wanda ya hau gadon sarauta a 2020, Mai Girma na gwamna da hakimai, malami kuwa "Allah ya gafarta Malam" ake ce masa. Wanda ya ɗora wa hakimi Mai Martaba don neman fada ya naɗa sarki na biyu a gari ɗaya, kuma zai gane kurensa idan amsa ta yi wata uku ba ta zo ba, ko aka daina amsa sallamarsa a zaure.

Idan amsar ta fito, aikin sai ya juya, domin addu'o'in da suka ƙawata Hausar, in aka kwashe su kalma da kalma zuwa Turanci, Baturen zai zaci ana shirin roƙonsa kuɗi ne, don haka sai a taƙaita su cikin jimla ɗaya ta ladabi. Ya kamata kuma a ja kunnensa game da ɗabi'arsu ta kiran mutum da sunansa na ƙarshe, tun da a nan sunan ƙarshe sau da yawa na uba ne ko na gari ko na unguwa, kuma dattijon da ya ga an rubuta masa "Mista Ƙofar Gayan" yana da hujjar mayar da takardar cewa ba a ga mai ita ba, ƙofar ma ba ta iya karatu ba.