Ke Kaɗai Nake Faɗa Wa

A Damagaram abu biyu ke tada matar aure tsakar dare: ko pampo ya yi tari alamar ruwa ya zo, ko waya ta yi ƙara alamar bokal ya shigo. Na pampo akwai riba, ko ba komai za ki cika bido biyu kafin ya ɗauke. Na waya kuwa ke ce bidon, zama za ki yi a yi ta ɗura miki.

Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013 muka huta da wahalar rubuta Hausa da baƙaƙen lakwal, inda «ina wuni» kan fito kamar sunan wani gari a Faransa. Iyayenmu sun yi zamanin kaset: mutum yana ci-rani a Libiya ko Ikko, ya cika fuska biyu, a ba direba ya kawo, gida duka a zauna a saurara. Da yake kowa zai ji, maganar ba ta wuce gaisuwa da rabon kuɗi. Bokal ne ya zo da abin da kaset bai iya ba, wato kunne ɗaya tak. Daga nan aka samu jama'ar da zan lissafa, kuma dukansu kalmar buɗe bakinsu ɗaya ce: «Wallahi ke kaɗai nake faɗa wa.»

Akwai Mai Gutsure. Shi ba ya iya riƙe yatsa a kan makirofo, sai ya aiko saƙo ashirin da uku, kowanne daƙiƙa huɗu. «Kina ji?» ɗaya. «To, wato...» biyu. Kafin ya kai ga abin da shugabansa na wurin aiki ya yi masa, miya ta kama.

Akwai Mai Gogewa, wanda zai yi minti tara yana magana, ya aiko, kunya ta kama shi, ya goge kafin ki idar da sallar isha'i. Ki tambaya ya ce ba komai. Ranar ba ki da barci, shi kuwa ya sauke kayansa yana ta minshari.

Ita kuma Mai Raɗa tausayi take ba ni. Amarya ce a babban gida cikin Birni, miji ya tafi haƙar zinariya Jado, bango ɗaya ne tsakaninta da uwar miji. Sai dare ya raba take shiga cikin bargo ta yi masa bokal, rabi magana rabi numfashi. Ƙanena ya auri irinta. Ya ce sai ya toshe kunne ɗaya, ya manna waya a ɗayan, sannan ya tsinci «ban dai ce komai ba» sau bakwai. Ba za ta kai ƙara gidansu ba, don haƙuri za a ce ta yi. Ba za ta faɗa wa ƙawa ba, don kafin Alhamis maganar ta riga ta zuwa kasuwar Dole. Saura shi kaɗai, ɗan matar da ake ƙara.

Yanzu ga nawa, wanda Allah ya haɗa ni da shi: Baban Yara, direban babbar mota a hanyar Agadas. Hanyar ta kusa kilomita 450, kuma akwai wurare da yawa da rezo ba ya kaiwa. Wani direban in ba rezo sai ya ajiye waya. Nawa kuwa ya gano cewa in ka tura makirofon sama yana kullewa, ba sai ka riƙe ba, kuma saƙo yana jira da ɗan agogonsa har a samu hanya. Saboda haka yana wuce Soraz yake fara zuba. Ni ina nan shiru ba labari, har in fara addu'a. Yana shiga Tanut sai wayata ta kama rawa a kan tabarma, guda shida a jere kamar awakin da aka buɗe wa garke. A Adarbisanat a sake wani zubin.

Na daɗe ina karatun waɗannan saƙonni, har na san tsarinsu kamar yadda mai fura ta san ƙwaryarta. Ga wani na watan azumin bara, minti 14 da daƙiƙa 37. Minti uku na farko gaisuwa ce: ni, yara ɗaya bayan ɗaya, Inna, maƙwabcinmu mai ciwon ƙafa, har tunkiyar da ta haihu. Yana tambaya yana amsa wa kansa, «to madalla». Daga na huɗu zuwa na bakwai ramukan hanya ne, kowane rami da tarihinsa. Na takwas ya tsaya yi wa karen motarsa faɗa bai kashe ba, na ji komai, har da zagin da ban san ya iya ba. Na tara zuwa na goma sha ɗaya tsadar gazuwal da halin mutanen yanzu. Sai a na goma sha biyu murya ta sauka, ya yi gyaran murya, ya ce: «Af, kin ga idon nan na hagu, in dare ya yi fitilar mota takan rabu mini biyu. Amma ba komai.» Daƙiƙa goma sha biyar ke nan. Daga nan ya koma kan kilishin da zai taho da shi.

Ni kuwa a ranar na danna 2×. Wannan ni'ima ta zo mana a 2021, kuma duk matar direban da ta ce ba ta taɓa ta ba, a ba ta Alƙur'ani ta dafa. A saurin nan Baban Yara yakan koma kamar ɗan tsako mai wa'azi, minti goma sha huɗu ya zama bakwai, ga shi ina tuƙa tuwon buɗa-baki. Na amsa masa: «Allah ya kiyaye hanya, Malam, kilishin mai yaji za ka sayo.» Kwana biyu bai aiko komai ba. Shirun ne ya sa na koma na saurara a hankali, na ji abin da na tsallake, jikina ya yi sanyi.

Tun daga ranar na gane minti goma sha ɗayan nan zaure ne, maganar tana can ƙuryar ɗaki. Namijin da aka tarbiyyantar a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ba ya faɗo wa rauninsa kai tsaye, sai ya zagaya ta Tanut. Alamarta uku a wurinsa: murya ta sauka, ya ce «af» kamar mantuwa ce, ya rufe da «ba komai». Yanzu ina gudu da 2× a kan ramuka, ina jin «af» sai in taka birki.

Me ya sa ni kaɗai? In ya faɗa a fada wurin shan shayi, kafin a zuba na uku an raɗa masa Makaho. In mai mota ya ji, makulli zai karɓa. In Inna ta ji, hawan jininta ya tashi. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, na yarda, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba da na zama ni ce abokiyar. Sai dai daɗin bai hana ni lissafi ba: ni ban iya duba ido ba. Iyakar abin da kunnena zai yi masa shi ne ya rage nauyin ya iya ci gaba da tuƙi da dare da ido ɗaya da rabi. Da ya dawo na ce ko dai ya faɗa wa yayansa su je likita tare, ko ni in faɗa. Ya yi fushin kwana ɗaya, ya je, aka ba shi tabarau. Yanzu tabarau ɗin ma yana da nasa minti biyun a kowane bokal.

Mai Sari ba zan ɓata masa lokaci ba. Shi ma «ke kaɗai» yake cewa, sai dai ya mance in ka tura saƙon da wani ya aiko maka akwai ɗan rubutun da ke fitowa a samansa. Wata ƙawata ta sha kuka a kan marayancin saurayinta kafin ta lura da «Transféré».

Duk waɗannan ina iya dariya da su. Wanda ba na yi wa dariya shi ne Mai Igiya. Ƴar yayata ta yi shekara guda a hannun irinsa. Shi ma yana da damuwa ta gaske, ba aiki, ga bashi, ban ƙaryata shi ba. Amma ya mai da «ke kaɗai» abin ɗaure mutum. Ya san ko kin kashe shuɗin layukan nan biyu, makirofon bokal sai ya yi shuɗi in an saurara, don haka yake zaune yana gadi. «Kin ji tun ƙarfe tara da minti huɗu, ba ki amsa ba.» In ba ta saurara ba: «Na gan ki a kan layi.» In ta ce ya je wurin kawunsa ko limamin unguwa, sai ya ce ashe ta gaji da shi, dama ya san ba shi da kowa. Ta daina zuwa biki don kar ya kira ba ta kusa. Tana shirin jarrabawa tana sauraron minti arba'in kowane dare, har ta koyi tura saƙonsa zuwa lambarta ta ji a can, don ta samu sararin numfashi kafin ya san ta ji.

Ranar da mahaifinta ya kwanta likita ta yi masa nata, minti uku kacal. Ta nuna mini wayar bayan kwana huɗu. Makirofon bai yi shuɗi ba, a ƙasansa kuma ga nasa guda tara. Ko Sarkin Damagaram, da dogarai da faɗin fada, ba ya jin ƙarar gari shi kaɗai, akwai alƙali, akwai masu unguwa. Wannan yaro ya ɗora wa yarinya ƴar shekara goma sha tara abin da ake raba wa majalisa, kuma ko sannu bai iya mayarwa ba. Baban Yara in na ce kaina na ciwo, sai ya tsaya a gefen hanya ya kira. Da na faɗa mata haka ba ta ce komai ba, ta dai karɓi wayarta.

Ni dai alhamdu lillahi ba ni da wannan ciwo na dogon zance. Nakan dai ba shi amsa, kuma amsa dole ta ƙunshi abin da ya faru a gida: rigimar adashi, abin da matar yayansa ta ce ranar suna da abin da take nufi, da ga-ruwan da ya ƙara kuɗi. Na makon jiya minti ashirin da biyu ne, amma rabinsa misalai ne. Na kuma fara da gargaɗin cewa shi kaɗai nake faɗa wa.

Shekaranjiya suka dawo. Karen motarsa ya shigo da buhun albasa, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce: «Hajiya, ni dai a ganina ke ce da gaskiya a maganar adashin nan. Har wanda muka rage wa hanya daga Tanut haka ya ce.» Ashe lasifikar mota yake haɗa ni da ita, wai muryata tana hana shi gyangyaɗi.