Hular Kyauta Ba Aiki Ba Ce

Duk sanda aka ce za a yi baje kolin guraben aiki a Sakkwato, sai ka ga samarin Wurno da Rabah da Goronyo sun cika tasha tun da asuba, kowa da shadda mai sitaci da ambulan ɗauke da kwafin takardu ashirin. Da yamma a dawo da leda cike da biro da kalanda. Ɗan ƙanena ma har hula biyu ya samo. Na ce masa, "To, wane aiki ake nema a wurin masu hular?" Ya ce, "Wallahi Baffa, layi na gani na bi."

Mu yi lissafin 'yan albasa. Taro na ƙarfe 10 ne, amma kafin manyan baƙi su iso a gama gaishe-gaishe, 12 ta yi, kuma ƙarfe 2 masu rumfuna za su fara naɗe tabarma. Rumfar babban kamfani tana da mutum 40 a layi, kowa minti uku. Awa biyunka ke nan cif, kuma abin da za a gaya maka a ƙarshe shi ne ka je ka cike fom ta intanet, wanda da kana kwance a Achida ma za ka iya.

Saboda haka lokacin jawabi shi ne lokacin zagaye. Karanta allunan, ka ware rumfa uku da suka dace da abin da ka iya. Yaron da ya tashi yana ban ruwa a ƙarƙashin madatsar Goronyo, ya san ciwon injin ruwa da jin ƙararsa, ya san yadda albasa ke ruɓewa a rudu, me ya kai shi layin banki? Ga masu taki da iri da famfon sola can gefe suna korar ƙuda, alhali wakili suke nema wanda manoma suka san ubansa. Ga kuma teburin hukumar NDE, mai haɗa matasa da masu koyar da sana'a. Ba a tsayawa, don ba ta raba hula.

In ka isa, bar dogon kirari. Tambayi ko akwai gurbi yanzu ko suna kawai ake tarawa, yaushe za a rufe, a wane gari za a ajiye ka, kuma albashi ne ko kamasho. Wanda suka ɗauka bara, me ya iya? Amsar nan ta fi kalanda, domin ita ce za ta nuna maka abin da za ka koya kafin baɗi. Rubuta sunan jami'in. Wanda kuwa ya ce ka kawo kuɗin fom, ka gaishe shi da aiki ka wuce.

Na zayyana wa ɗan nawa duk wannan, yana ta gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Baffa, hular ɗaya taka ce." Ta kuwa yi mini daidai.